Nauyin Maijego: Abin da Ke Sauka, Abin da Ke Saura, da Rawar da Shayarwa Ke Takawa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda nauyin jikin mace ke sauyawa daga ranar haihuwa zuwa ƙarshen shekarar farko ta goyo. Ta nuna cewa nauyin da sikeli ke nunawa bayan haihuwa gamayyar abubuwa uku ne, wato ruwa, da gaɓoɓin da juna biyu ya ƙara wa girma, da kitse, kuma kowannensu yana da lokacin tafiyarsa. An auna ƙarfin shayarwa wajen rage kitse da alƙaluman masana abinci, sannan an ɗora bayanin a kan al'adar jego ta Bahaushe, inda ake iya ɗaukar kumburi a matsayin ƙiba, a kuma ɗauki ramar ciwo a matsayin tsotson yaro.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana da ma'auninsa na gane jegon da ya yi kyau. Idan maijego ta fito ranar arba'in fatarta na sheƙi, kumatu sun ciko, sai a ce jego ya karɓe ta, ta murje, kuma yabon yakan koma ga uwarta ko gwaggon da ta tsaya a kan wankanta. Idan ta fito a rame, zargin yakan faɗa kan miji, a ce bai yi ɗawainiya ba. A 'yan shekarun nan wani ma'aunin ya shigo birane irin su Kano da Kaduna da Maraɗi, inda matashiyar uwa ke son ta koma cikin ɗinkunan lefenta tun kafin a yi yawon arba'in, ana kuma tallata mata shayin rage tumbi da ɗamarar matse ciki. Maijego ta yau tana tsakanin waɗannan buƙatu biyu masu karo da juna, alhali jikinta yana bin wani jadawali nasa da bai san da ko ɗayansu ba. Manufar maƙalar ita ce bayyana wannan jadawali.

2.0 Abin da Nauyin Juna Biyu Ya Ƙunsa

Ba za a fahimci saukar nauyi ba sai an san abin da ya hau. Lissafin da littattafan likitanci suka daɗe suna dogaro da shi ya fito ne daga aikin Frank Hytten da abokan aikinsa a Birtaniya, wanda ya ƙiyasta ƙarin kilo 12.5 ga lafiyayyar mace mai cin abinci yadda take so. A cikin wannan adadi, jariri yana ɗaukar kimanin kilo 3.4, mabiyiya ta ɗauki ɗan abin da ya haura rabin kilo, ruwan faya kuma kusan giram 800. Mahaifa tana ƙaruwa da kusan kilo ɗaya, mama da kusan giram 400. Jinin uwa yana ƙaruwa da fiye da lita ɗaya, sannan wani ruwan da ya kai lita ɗaya da rabi yana taruwa a tsakanin tsokoki. Abin da ya rage, wato kilo uku zuwa uku da rabi, shi ne kitse, kuma galibinsa yana kwanciya ne a cinyoyi da ƙugu da baya.

Wannan kitse ba kuskuren jiki ba ne. Rumbu ne da jiki ke cikawa, musamman a tsakiyar watannin ciki, domin shayarwar da ke tafe. Abin lura shi ne sauran kayan da aka lissafa ba su cika bambanta sosai tsakanin mace da mace ba, amma kitsen yana bambanta ƙwarai. Wadda ta ƙara kilo 20 ba ta haifi jariri mai kilo goma ba, rarar kusan duk kitse ce da ruwa. Shi ya sa masu bincike suka sha gano cewa babu abin da ya kai yawan nauyin da aka ƙara lokacin ciki nuna yawan wanda zai saura bayan haihuwa. A shekarar 2009 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta ba da shawarar ƙarin kilo 11.5 zuwa 16 ga mai matsakaicin jiki, da kilo 12.5 zuwa 18 ga siririya, da kilo 5 zuwa 9 kawai ga wadda ta shiga ciki da ƙiba mai yawa.

3.0 Daga Ranar Haihuwa Zuwa Arba'in

Saukar farko ita ce mafi girma, kuma ba ta buƙatar wani ƙoƙari. Da fitowar jariri da mabiyiya da ruwan faya da jinin haihuwa, kilo biyar zuwa shida sun tafi a yini guda. A makon da ke biye, ƙoda takan shiga aikin fitar da ruwan da jiki ya tara, sai maijego ta riƙa yawan fitsari, ta riƙa jiƙa zani da gumi cikin dare ko da ba a lokacin bazara ba. Wannan yakan sauke wasu kilo biyu zuwa uku. Wadda aka yi wa tiyata ko aka ƙara wa ruwa mai yawa a asibiti tana iya ganin ƙafafunta sun fi kumbura a kwanaki ukun farko fiye da yadda suke kafin haihuwa, kuma sikeli ba zai nuna mata ragi sosai ba har sai ruwan ya fita.

Mahaifa ita ma tana da nata lissafin. Bayan haihuwa nauyinta kusan kilo ɗaya ne, ana jin ta da tauri daidai cibiya. Bayan mako guda takan koma rabin kilo, bayan mako biyu ba a jin ta ta saman mara, a mako na shida kuma takan dawo ƙasa da giram 100. Tsotson jariri yana taimaka wa wannan tsukewa, domin yana sa jiki ya saki sinadarin da ke matse mahaifa, kuma shi ne dalilin ciwon marar da mata kan ji idan sun sa yaro a nono a kwanakin farko. Abin sha'awa ne cewa makonni shidan da likitoci suka ware wa komawar mahaifa sun yi daidai da kwana arba'in na al'ada. Sai dai daidaituwar ta tsaya ne a kan mahaifa da jinin biƙi. Kitse bai san arba'in ba.

Akwai kuma batun tumbi, wanda ya fi nauyin sikeli damun mata da yawa. Cikin da ya saura a turo bayan haihuwa ba lallai ne ya zama teɓa ba. Dogayen tsokoki biyu da suka sauko daga ƙirji zuwa mara sukan buɗe a tsakiya saboda girman ciki, fatar ma ta saki. Mace za ta iya gwada kanta: ta kwanta rigingine, ta tanƙwara gwiwoyi, ta ɗago kai kaɗan, ta danna yatsu a saman cibiya. Idan yatsu biyu ko fiye suka nutse a tsakanin tsokokin, akwai buɗewar. Mafi yawan haɗewarta yana faruwa ne a watanni biyun farko, kuma rage cin abinci ba ya gyara ta. Ɗaure ciki da zani, wanda tsofaffi ke yi wa maijego, yana iya ba ta jin daɗin tallafi wajen tashi da zama, amma ba ya narkar da kitse, kuma da an kwance shi ciki zai koma yadda tsokokinsa suke.

4.0 Lissafin Shayarwa

Maganar da ta fi yawo ita ce shayarwa tana rage ƙiba. Akwai gaskiya a cikinta, amma sai an sa ta a ma'auni. Uwar da ke shayar da nono zalla tana samar da kusan mililita 750 zuwa 800 a kullum a watanni shidan farko. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka wallafa a 2004, ya ƙiyasta cewa samar da wannan nono yana cin kalori 675 a yini. Rahoton ya ɗauka cewa macen da ta tara isasshen kitse za ta samo kusan kalori 505 daga ƙarin abinci, sauran 170 kuma su fito daga rumbun jikinta.

Wannan 170 ita ce duk ribar da ake magana a kanta. Idan aka tara ta na kwana talatin, za a sami kalori dubu biyar da ɗoriya, wanda ya yi daidai da kusan giram 800 na nauyin jiki. Ke nan abin da za a sa rai daga shayarwa shi ne ragin da bai kai kilo ɗaya ba a wata. Nancy Butte da Judy Hopkinson, da suka tattara bincike daga ƙasashe daban-daban a 1998, sun sami wannan adadi na giram 800 a wata a tsakanin mata masu wadatar abinci, amma a tsakanin marasa wadata ragin bai wuce giram 100 ba. Dalili a fili yake: wadda ba ta tara ba, ba ta da abin saukewa.

Kalori 170 abu ne mai saurin cikewa. Babban cokali biyu na sukari a kofin kunu sun kusa kalori 100, cokali ɗaya na man shanu a kan tuwo ya haura haka. Da waɗannan kaɗai giɓin ya rufe. A haɗa da cewa mai shayarwa tana yawan jin yunwa, kuma a makonnin farko ba ta aikin ƙarfi, sai a gane abin da ya sa wasu matan ke shayarwa shekara biyu cur ba tare da sun ragu ba, wasu ma ƙaruwa suke yi. Ba alamar cewa jikinsu ya sami matsala ba ce, lissafin ne ya tashi babu giɓi.

Manyan bincike sun nuna cewa tasirin yana nan, amma matsakaici ne. A ƙasar Honduras, inda Kathryn Dewey da abokan aikinta suka kwatanta matan da suka ci gaba da ba da nono zalla daga wata huɗu zuwa shida da waɗanda suka fara haɗawa da abinci, bambancin ragin bai kai kilo ɗaya ba. Wani babban nazari a Denmak da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa macen da ta ƙara kusan kilo 12 lokacin ciki, ta kuma shayar da nono zalla wata shida, tana iya komawa nauyinta na da a ƙarshen watannin. Sharaɗin farko na wannan sakamako, wato kilo 12, shi ne wanda masu yaɗa maganar suka fi mantawa da shi.

4.1 Misali Daki-daki

A ɗauka wata mata ce mai shekara 26, tsayinta mita 1.60, nauyinta kafin ciki kilo 58. A awon ƙarshe sikeli ya nuna 71, wato ta ƙara kilo 13. Ta haifi jariri mai kilo 3.2, washegari nauyinta 66. A kwana na goma, bayan ruwa ya fita, ta sauko 63.5. Ranar arba'in, da mahaifa ta tsuke, jini kuma ya koma yawansa na da, tana kan 62. A nan saukar gaggawa ta ƙare. Kilo huɗun da suka saura su ne kitsen rumbu da nauyin mama mai ɗauke da nono.

Wannan shi ne lokacin da mata da yawa kan karaya, domin sun ga kilo tara sun tafi cikin makonni shida, sannan sikeli ya tsaya cik. Hasali ma ba tsayawa ya yi ba, tafiyar ce ta sauya daga ta ruwa zuwa ta kitse. Idan matar tana shayar da nono zalla, tana cin abinci daidai yunwarta ba tare da ɗure ba, ta kuma koma zirga-zirgar gida da ta aiki, ragin giram 800 a wata zai kai ta kusa da 58.5 lokacin da yaron ya cika wata shida. Wannan shi ne kyakkyawan zato. Idan kuwa abincin jego ya zarce arba'in, ana shan shayi mai kauri safe da yamma da lemon kwalba a kan cewa suna kawo ruwan nono, tana iya kai wata shida tana nan a 62, ko ta haura.

A sake ɗauka cewa matar nan kilo 20 ta ƙara, ta shiga ɗakin haihuwa da 78. Abin da zai tafi kafin arba'in bai wuce kilo tara ko goma ba, kamar dai na farko, saboda jariri da mabiyiya da mahaifa ba su ƙaru ba. Za ta fito wanka da rarar kilo goma ko sha ɗaya, kuma da tafiyar giram 800 a wata sai ta haura shekara kafin ta sauke su, alhali ƙarfin shayarwa yana raguwa da zarar yaro ya fara cin abinci. Idan wani cikin ya shiga kafin nan, sabon kitse zai hau kan tsoho. Ta wannan hanya ce mace kan tashi daga kilo 58 ranar aure zuwa 80 bayan haihuwa huɗu, ba tare da ta iya nuna shekarar da abin ya faru ba. Binciken ƙasashen Turai da Amurka ya nuna cewa matsakaicin abin da ke saura bayan shekara guda bai cika wuce kilo ɗaya zuwa biyu ba, amma kusan mace ɗaya cikin biyar zuwa bakwai takan riƙe kilo biyar ko fiye.

Ga wadda ke da rarar da take son saukewa, akwai iyakar da aka gwada. Cheryl Lovelady da abokan aikinta sun wallafa a shekarar 2000 cewa mata masu ƙiba da suka rage kusan rabin kilo a mako, daga mako na huɗu zuwa na sha huɗu bayan haihuwa, ta hanyar rage kalori 500 a yini da motsa jiki, jariransu sun yi girma daidai da na sauran. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne a bari nono ya kankama tukuna, sannan a fara da cire sukari da soye-soye, ba da tsallake abinci ba. Shayin rage tumbi da ake tallatawa kuwa, da yawansu ganyen sa gudawa ne ko na sa fitsari. Abin da suke saukewa ruwa ne, wanda zai dawo da an sha, kuma mai shayarwa ce ta fi kowa buƙatarsa.

5.0 Jegon Bahaushe a Kan Sikeli

A tunanin gargajiya, macen da ta haihu tana da ɗanyen jiki, kuma babban abin tsoro shi ne sanyi ya shige ta. Lewis Wall ya yi bayanin wannan matsayi na sanyi a littafinsa kan magungunan Hausawa na 1988. Duk tsarin jego an gina shi ne a kan gasa jiki: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma ana fyaɗawa da ganyen darbejiya ko makamancinsa, kwanciya a ɗaki mai ɗumi ko a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, shan kunun kanwa, cin tuwo da yaji mai yawa, da gasasshen nama da ƙauri. Ta fuskar abinci, tsarin yana da hikima a muhallin da ya taso. Macen karkara da ta yi daka da surfe da ɗiban ruwa har zuwa watan haihuwarta ba ta tara wani kitsen kirki ba, kuma kwana arba'in na hutu da nama wata dama ce da ba ta samun irinta a sauran shekara. Ga irin wannan mace, murjewa ranar arba'in alheri ce.

Binciken da Andrew Prentice da abokan aikinsa suka yi shekaru da dama a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya yana haskaka wannan yanayi, domin noman damina da yunwar kafin kaka a can sun yi kama da na ƙasar Hausa. Sun ga cewa masu shayarwa suna ramewa da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma aikin gona ya yi yawa, su kuma farfaɗo bayan girbi. Yawan nonon bai faɗi daidai da faɗuwar nauyinsu ba, kuma da aka ba su ƙarin abinci, uwayen ne suka fi amfana, yawan nonon bai ƙaru a zo a gani ba. Darasi biyu ne a nan. Na farko, jiki yana fifita yaro a kan uwa, don haka ƙoshin jariri ba hujja ba ce cewa uwarsa tana samun abin da ya ishe ta. Na biyu, ɗura wa mai wadata abinci ba ya ƙara mata nono. Abin da ke ƙara nono shi ne yawan tsotso. Rahoton 2004 da aka ambata ya ce siririyar mace da wadda ba ta ƙara nauyin kirki lokacin ciki ba su nemi kalori 675 ɗin gaba ɗaya daga abinci, kada a taɓa jikinsu.

Matsalar ita ce an ɗauko tsarin abincin da aka yi domin mai daka da surfe an ba ma'aikaciyar ofis da ta shiga ɗakin haihuwa da rarar kilo goma, sannan aka ƙara masa sukari da madarar gwangwani da gargajiya ba ta san su ba. Ita wannan ba murjewa take buƙata ba.

5.1 Ƙiba Ko Kumburi

Harshen Hausa ya bambanta ƙiba da kumburi sarai, amma ido ba koyaushe yake bambanta su a jikin maijego ba, kuma a nan haɗari mafi girma yake. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry sun yi nazarin mata 224 da suka kamu da gazawar zuciya bayan haihuwa a Zariya, suka wallafa sakamakon a 1978. Yawan cutar a yankin ya kai kusan mace ɗaya cikin ɗari, adadin da ya girgiza likitocin duniya a lokacin. Sun danganta ta da kanwa, wadda ke cike da sinadarin sodiyam mai riƙe ruwa a jiki, da kuma zafin wanka da na gado da ke ƙara wa zuciya aiki. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na Nijeriya bai sami al'adun jego a matsayin tushen cutar ba. Ya fi nuna hannun rama da talauci da hawan jinin masu ciki, kuma wasu ayyukansa sun nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu cutar. Ko ma mene ne tushen, babu saɓani a kan cewa cutar ta yi yawa a arewa maso yammacin Nijeriya, kuma zuciyar da ta riga ta raunana ba ta jure gishiri da kanwa.

Lissafi mai sauƙi yana raba gardama. Tara kilo ɗaya na kitse yana buƙatar rarar kalori kusan dubu bakwai, abin da ba ya samuwa a kwana biyu ko uku komai cin mutum. Lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce. Don haka maijegon da ta ƙara kilo biyu cikin kwana uku ruwa ta tara. Ana ganewa ta danna babban yatsa a ƙwauri na daƙiƙa biyar: kitse yakan dawo nan take, kumburi yakan bar rami. Idan aka haɗa da haki bayan ɗan motsi, da tarin dare, da kasa kwanciya sai an tara matasai, wannan zuciya ce, kuma asibiti ake nufa a ranar. Idan kumburin fuska ne da hannuwa tare da matsanancin ciwon kai da gani dishi-dishi, hawan jini ne da kan iya kai wa ga jijjiga, kuma yana iya tasowa ko bayan an sallami mace daga asibiti lafiya. Abin takaici shi ne a tunanin gargajiya kumburi alamar shigar sanyi ce, maganinsa kuma ƙarin ruwan zafi da ƙarin kanwa, wato daidai abin da ke tsananta shi.

5.2 Ramar da Ba Tsotso Ba

Ɗaya ɓangaren shi ne ramar da ake ɗora wa yaro. Idan maijego ta zube, akan ce ɗanta mai ci ne, yana tsotse ta, namiji ne. Lissafin da ya gabata ya nuna iyakar abin da tsotso zai iya yi. Macen da ke cin abinci amma tana sauke fiye da kilo biyu a wata bayan arba'in, ko ta faɗa ƙasa da nauyinta na kafin ciki tana ci gaba da sauka, tana buƙatar a binciki dalili. Tarin fuka yakan bayyana a watannin bayan haihuwa, da tari mai daɗewa da zazzaɓin yamma. Cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon sukari su ma suna zuwa da rama. Akwai kuma kumburin tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya da kan girma ta zama maƙoƙo, wanda ke samun kusan mace ɗaya cikin ashirin a shekarar farko bayan haihuwa. Yakan fara da rama da bugun zuciya da jin zafi a watanni na ɗaya zuwa na huɗu, sannan ya juya zuwa kasala da jin sanyi da ƙarin nauyi a watannin da ke biye. Saboda gajiya da zubar gashi abubuwa ne da kowace mai goyo ke kuka da su, cutar takan wuce ba a gane ta ba, alhali gwajin jini guda yana nuna ta.

Ciwon damuwa na bayan haihuwa yana taɓa nauyi ta kowace fuska, wata ta daina cin abinci, wata ta riƙa ci ba ƙaƙƙautawa. A gidan da kunya ke hana maijego, musamman mai haihuwar fari, faɗin abin da ke ranta, sau da yawa kwanon abincin da ake mayarwa ba a taɓa ba shi ne alamar farko da mai kula da ita za ta gani. Irin wannan rama ba a gyara ta da ƙarin ƙauri, domin ba daga tukunya matsalar take ba. Ma'aikaciyar lafiyar da ke auna yaro ranar rigakafi a mako na shida da na goma da na sha huɗu tana da damar ɗora uwar ma a kan sikeli ta rubuta a katinta, kuma awo uku a jere sun isa su nuna ko nauyin yana sauka da giram ɗaruruwa ne a wata, ko da kilo-kilo.